Rinin Gashi ga Mai Juna Biyu da Mai Shayarwa: Lokaci, Iska, da Abin da ke Cikin Ƙullin Dayis

A Kunci da ƙauyukan da ke kewaye da ita, har zuwa Tsanyawa da Bichi, mace ba ta cika rina gashi haka siddan ba. Sai da dalili. Ko biki ya matso, ko suna, ko salla, ko kuma furfura ta fara leƙowa ta gaban goshi tun shekaru ba su kai ko'ina ba. To, irin waɗannan hidimomi ba sa jiran mace ta sauke ciki ko ta yaye goyo. Shi ya sa tambayar take yawan tasowa a layin awo da kuma wajen kitso: mai ciki za ta iya shafa rini? Mai goyo fa, ba zai bi nono ba?

Amsar da manyan hukumomin lafiya suke bayarwa ba ta da tayar da hankali. Hukumar lafiya ta Birtaniya, NHS, tana cewa sinadaran da ke cikin rinin gashi ba masu tsananin guba ba ne a yadda ake amfani da su, kuma yawancin binciken da aka yi, duk da ba shi da yawa, ya nuna mai ciki za ta iya rina gashinta. Ƙungiyar likitocin mata da haihuwa ta Amurka, ACOG, ita ma kusan haka ta faɗa. Dalilin kuwa shi ne gashi ba shi da jijiyar jini. Abin da aka shafa a kan silin gashi, a nan yake tsayawa. Hanyar da rini zai bi ya shiga jiki ita ce fatar kai, kuma fata mai lafiya kaɗan ƙwarai take barin ya wuce a cikin ɗan lokacin da rinin yake kanta. Illar da aka gani a gwajin dabbobi ta fito ne daga adadi mai yawan gaske, wanda ya yi nesa da abin da mace ke samu daga rini ɗaya.

Sai dai akwai abin da ya kamata a riƙe tun daga nan. Wannan shawara an gina ta ne a kan rinin kwali, wanda aka auna sinadaransa, aka rubuta su, aka sa masa takardar bayani. Ba a gina ta a kan baƙin garin da ake ƙullawa a leda ranar kasuwa ba. A ganina, a nan ne matsalarmu take, kuma zan dawo kanta.

Me ya sa ake cewa a jira mako 12

Shawarar da aka fi ji ita ce mace ta dakata har ciki ya wuce mako 12 na farko. A wannan tsakanin ne ake ƙera gaɓoɓin jariri: zuciya, ƙwaƙwalwa, laka, hannu da ƙafa, mafi yawansu daga wajen mako na 5 zuwa na 10. Bayan nan, yawancin aikin da ya rage na girma ne da ƙwari. Don haka duk abin da ba dole ba ne, likitoci sun fi son a ɗage shi ya wuce wannan gaɓa. Ba don an kama rini da laifin nakasa jariri ba, a'a, rigakafi ne kawai. Akwai kuma dalili na biyu da duk wadda ta taɓa laulayi ta sani: a watannin farko hanci yana ƙara kaifi, kuma warin rini, musamman mai amoniya, yana iya tayar da zuciya har a yi amai ko jiri ya ɗebi mutum.

Inda ake yawan kuskure shi ne lissafi. A asibiti ana ƙirga ciki ne daga ranar da jinin al'ada na ƙarshe ya fara zuwa, ba daga ranar da mace ta lura ta yi ɓatan wata ba. Mako 12 kwana 84 ke nan. Idan jinin ƙarshe ya fara ranar 1 ga Janairu, mako 12 zai cika wajen 26 ga Maris. Ga wadda take lissafi da tsayuwar wata, hanya mafi sauƙi ita ce ta ƙirga wata uku cif daga ranar da jinin ya fara. Hakan ya ɗan zarce kwana 84, kuma babu laifi. Matsalar ita ce mata da yawa a yankinmu suna ɗaukar ciki suna tsaka da goyo, al'ada ba ta dawo daidai ba, babu ranar da za a kama. Irin wannan, katin awo ko hoton ciki ne zai raba gardama. Idan ba ta fara awo ba, to rinin ya jira awon. Wannan ma wata riba ce, domin kunyar cikin fari da ɓoye ƙaramin ciki suna sa mata da dama ba sa zuwa asibiti sai ciki ya tsufa.

Wadda kuma ta riga ta yi rini kafin ta san tana da ciki, ta kwantar da hankalinta. Rini ɗaya ba dalilin fargaba ba ne, ba kuma dalilin shan wani jiƙo ba ne da sunan wanke ciki. Ta dai ambata wa malamar asibiti ranar awo.

Abu uku ne, suna ɗaya muke ba su

Na farko shi ne rinin kwali. Idan kika buɗe za ki tarar da abu biyu: man launi, da wani farin ruwa mai kauri wanda haidirojin ne. Sai an haɗa su suke aiki. Amoniya ko makamancinta tana buɗe bayan silin gashi, launi ya shiga ciki, haidirojin ya kama shi ya zauna. A yawancin baƙin rini, sinadarin da ke ba da baƙin shi ne wanda ake kira PPD; a jikin kwali za ki ga an rubuta p-Phenylenediamine. Shi ne kan gaba wajen jawo borin fata. A ƙasashen Tarayyar Turai an ƙayyade kada ya wuce kashi 2 cikin 100 bayan an haɗa rini, an kuma hana sa shi a abin da za a yi zane da shi a fata. Idan za ki sayi na kwali, ki duba lambar rajistar NAFDAC, ki duba ranar lalacewa, ki tabbata akwai takardar bayani da safar hannu a ciki. Kwalin da rana ta kode shi a kan tebur, ko wanda bututunsa ya kumbura, ki bar wa mai shi.

Na biyu shi ne dayis, ko baƙin lalle, wanda ake saya a ƙulle ko a 'yar kwalba ba rubutu, a kwaɓa da haidirojin. Sunan lalle kawai ya ara. Ganyen lalle ba ya ba da baƙi wuluk. Abin da ke sa dayis ya kama baƙi ƙirin cikin ƙasa da awa ɗaya galibi PPD ne, kuma ba wanda zai iya faɗa miki yawansa, har mai sayarwar. Gwaje-gwajen da aka yi a ƙasashe daban-daban sun sha gano baƙin lalle mai ɗauke da PPD fiye da abin da aka yarda a sa a rinin gashi nesa ba kusa ba. Mugun halinsa shi ne, da zarar jiki ya ƙi shi sau ɗaya, ya ƙi shi ke nan har abada. Yarinyar da ƙunshin dayis ya taɓa tayar mata da ƙuraje a hannu ranar wani biki, ko da shekara goma ta wuce, ranar da ta shafa baƙin rini a kai tana iya wayar gari fuska a kumbure, ido a rufe. Saboda haka ne ake rubuta gargaɗi a kwalayen rini game da wanda ya taɓa yin zanen baƙin lalle. Ra'ayina a nan ba shi da kwana-kwana: mai ciki da mai shayarwa su bar dayis, a kai ne ko a hannu. Ba wai don an tabbatar yana kaiwa ga ɗan ciki ba, sai don idan ya ƙone ta, maganinsa yana da wuyar zaɓe ga mai ciki, ga kuma raɗaɗi da ruwan ƙuraje a hannun da za ta ɗauki jariri da shi.

Na uku shi ne lallen gargajiya, ganye tsantsa da aka shanya aka daka. NHS ta ambace shi a cikin abubuwan da mai ciki za ta iya komawa gare su. Ana gane shi da idanu da hanci: garinsa kore ne ko kore mai duhu, ƙamshinsa na busasshen ganye, yana ɗaukar awanni kafin ya kama, kuma launinsa daga ruwan goro ne zuwa ja mai duhu. Duk lallen da ya yi baƙi nan take, ko yake warin fetur ko kananzir, an yi masa haɗi. Iyakarsa ita ce ba ya mai da furfura baƙa. Jan launi yake ba ta, a kan baƙin gashi kuwa sheƙi kawai yake ƙarawa. Iyayenmu da suke son duhu sukan bi da shuni. Ta fuskar addini ma wannan ya fi sauƙi, domin a Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, rina gashi da baƙi makaruhi ne ba haramun ba, lalle kuwa babu laifi a kansa.

Idan lallen za a sa a kai, a tankaɗe shi da rariya mai laushi don kada tsaki ya maƙale a gashi, a kwaɓa da ruwan ɗumi ya yi kaurin da ba zai zuba ba, a rufe a bar shi 'yan awanni ya saki launi. A shafa, a ɗaure da leda da tsohon ɗankwali, a bar shi awa biyu zuwa huɗu, a wanke da ruwa mai yawa. Yana busar da gashi, don haka a bi shi da man kaɗe ko man shanu. Kada a zuba masa gishirin lalle ko wani abin da ake cewa yana ƙara baƙi.

Yadda ake yi, daga Litinin zuwa Juma'a

Mu ɗauki misali. Mace ce a wani ƙauye na Kunci, cikinta na uku, katin awo ya nuna mako 15. Ranar Asabar za a ɗaura auren ƙanwarta, ga furfura ta fito mata a gaba da gefen kunne. Ba ta taɓa samun matsala da rini ko ƙunshi ba, kanta ba ƙuraje ba makero. Ta aika an sayo mata rinin kwali daga Kano.

Aikin ba ranar Juma'a yake farawa ba. Tun ranar Litinin za ta tsefe kitsonta, don fatar kai ta huta. Tsifa da taje kai suna barin ƙananan ƙujewa da ido ba ya gani, kuma ta nan ne rini ke samun ƙofa, ta nan ne kuma yake zafi. Don haka ba a tsifa da rini rana ɗaya, ba a kuma sosa kai da tsinke ko farce kafin a shafa. Idan ta yi rilaksa kwanan nan, sai an ba da tazarar aƙalla mako biyu. Haɗa su biyun yana ƙona kai, yana kakkarya gashi.

Ranar Talata da safe sai gwaji. Za ta bi yadda takardar cikin kwali ta ce, domin wasu kamfanoni man launin kawai suke so a gwada, wasu kuma sai an haɗa kaɗan. A shafa ɗan ɗigo a bayan kunne ko a cikin lanƙwasar hannu, a sa ido na awa 48. Me ya sa har kwana biyu? Saboda borin PPD ba ya zuwa nan take. Yakan ɗauki kwana ɗaya zuwa uku kafin ya bayyana. Wadda ta gwada da safe ta ga lafiya da azahar ta shafa, ba ta yi gwaji ba. Idan wurin ya yi ja, ko ƙaiƙayi, ko ya tasa, ko ya yi ƙananan ƙuraje masu ruwa, zance ya ƙare: ba ita ba wannan rini, ba ita ba duk wani mai PPD. Ko da ta saba amfani da irin kwalin shekara da shekaru, sai ta sake gwaji, domin jiki yana iya juyawa a kowane lokaci, ciki kuma yana ƙara wa fata laushi. A wannan ranar ce kuma za ta gwada rinin a ɗan yankin gashi daga ƙeya, saboda ciki yakan canja yadda gashi ke karɓar launi.

Ranar Alhamis da safe ta duba, wurin lafiya lau. Sai ta sa Juma'a da hantsi, bayan ta karya kumallo. Kada a yi rini da yunwa, kada kuma a yi shi da tsakar rana a watan Maris ko Afrilu, lokacin da zafin bazara kaɗai ya isa ya sa mai ciki jiri.

Wurin zama shi ne tsakar gida, a inuwar rumfa ko gindin darbejiya, nesa da murhu. Ta zauna a kujera mai majingina, ta ba iska baya ta yadda warin zai wuce gaba maimakon ya dawo mata fuska. Ya fi kyau wata ta shafa mata, wadda ba ta da ciki, domin mai shafa wa kanta ba ta ganin inda take zubawa, kuma ita ce take sunkuyar da hanci a kan kwaɓin. A kwaɓa a robar da ba za ta sake komawa kicin ba, ba a kwanon ƙarfe ba, a ɗan nesa da mai cikin, domin lokacin haɗawa ne wari ya fi tashi. A bi ma'aunin da takarda ta faɗa. Da yawa daidai wa daida ne, launi ɗaya haidirojin ɗaya. Ƙara haidirojin don ya fi kamawa ba ya ƙara komai sai ƙuna.

Mai shafawa ta sa safar hannu. A zagaye goshi da kunnuwa da ƙeya da basilin. Sannan a tsaga gashi layi-layi, a shafa da buroshi a kan gashin, ana ɗaga shi sama, ana ƙoƙarin kada a dirje fatar kai. Tunda furfurar a gaba da gefe take, babu dalilin cika kai gaba ɗaya. A tsaya inda ake buƙata. Duk abin da ya rage taɓa fata ya rage abin da ke shiga jiki, kuma wannan ita ce hikimar da ta sa ake ba masu ciki shawarar irin rinin da ake yi wa silin gashi kaɗai ba tare da ya kai tushe ba. Gira da gashin ido kuwa ba a kusantar su da rinin kai ko kaɗan, yana iya lalata ido.

Da an gama shafawa a duba agogon waya. Idan takarda ta ce minti 30, to minti 30 ne. Idan ta ce 20 zuwa 30, a ɗauki na ƙasa. A nan ne za ki ji wata daga gefe tana cewa, "Haba Yaya, ki bar shi ya ƙara jimawa mana, ai sai ya fi kamawa." Kada a biye mata. Bayan lokacinsa launi ya gama shiga, abin da ya rage cin fata ne kawai. Ɗan tsikari kaɗan ba abin damuwa ba ne, amma idan kai ya ɗauki zafi kamar an zuba barkono, ko ta ji jiri, ko ƙirji ya ɗaure, a wanke nan take ba sai lokaci ya cika ba.

Wajen wankewa a tanadi ruwa tun kafin a fara, bokiti biyu ko fiye, mai ɗumi kaɗan ba mai zafi ba. A gidan da sai an je rijiya ko famfon burtsatse, wannan ba ƙaramin abu ba ne: an sha ganin rini ya wuce lokacinsa a kai don kawai ana jiran yaro ya kawo ruwa. Ta jingina ta mai da kai baya a zuba mata, kada ta daɗe a sunkuye da ciki, kada kuma ruwan ya bi ta ido. A yi ta zubawa har ruwan ya fito fari. Ragowar kwaɓin a zubar a masai. Ba a ajiye shi don gobe, ba a kuma toshe shi a kwalba, domin yana iya kumbura ya fashe.

Maganar iska

Idan aka ce a yi rini a wuri mai iska, a wasu ƙasashen ana nufin a buɗe taga a kunna fanka. Mu a nan Allah ya hore mana tsakar gida, amma sau da yawa ba ma amfani da ita. Kunya ce ke mai da mace ɗaki: gidan yawa ne, surukai na shiga da fita, ba ta so a ga kanta a buɗe, ko ba ta so a san tana rufe furfura. Sai ta shige ƙuryar ɗaki ta saki labule, ɗakin da tagarsa ɗaya ce 'yar ƙarama, wataƙila ma an toshe ta da tsumma saboda ƙurar hunturu. A irin wannan ɗaki tururin amoniya ba shi da mafita. Yana sa ido hawaye, ya shaƙe maƙogwaro, ya kawo ciwon kai da tashin zuciya, mai asma kuma yana iya tayar mata da ita. Banɗaki mai rufi da ƙofa ma duk ɗaya ne.

Mafita ba ta da wuya. A zaɓi lokacin da maza suka tafi gona ko kasuwa, a rataya zani ko tabarma a kare wani gefe na tsakar gida. Idan damina ce ruwa ya hana, a zauna a bakin ƙofa, a ɗage labule, a buɗe taga don iska ta ratsa. Fanka a ɗakin da yake rufe ba ta fitar da komai, juya warin kawai take yi. Takunkumin hanci na yadi shi ma ba ya tare irin wannan tururi. Kuma ko an rubuta a kwali cewa babu amoniya, a fita waje. Rashin wari ba ya nufin babu PPD.

Mai jego da mai goyo

Ga mai shayarwa, bayanin da ake da shi shi ne: tunda abin da ke shiga jini kaɗan ne ƙwarai, da wuya a samu wani adadi mai tasiri a nono. Babu buƙatar a dakatar da shayarwa, babu buƙatar a tatse nono a zubar, babu kuma dalilin ba jariri ruwa ko madara a madadinsa. Abin kiyayewa shi ne hanci da fatar jaririn. Ki shayar da shi ya ƙoshi kafin a fara, ki miƙa shi ga kakarsa ko abokiyar zama su shiga wani ɗaki. Kada a yi rini da goyo a baya, inda kansa yake daidai da ƙeyarki. Idan ya farka yana kuka rini na kanki, a rarrashe shi har ki wanke. Bayan nan ki wanke hannu da wuya da ƙirji da sabulu, ki canja riga da ɗankwali, sannan ki karɓe shi.

Daren suna ne ya fi ba ni tsoro. Mai jego tana ɗaki, an rufe ko'ina don kada sanyi ya kama ta, wani lokaci har da kaskon garwashi, ga 'yan barka cike da ɗaki, ga mai ƙunshi ta baje kayanta, jariri ɗan kwana shida yana kwance a gefe. Garwashi a rufaffen ɗaki shi kansa haɗari ne babba, balle a haɗa da warin dayis. Shawarata, kuma tawa ce ba dokar asibiti ba, a bar rinin kwali sai an yi arba'in. A makon farko jiki bai dawo ba, ga wankan jego safe da yamma da ruwa mai zafi, wanda idan ya sauka a kan da aka rina jiya sai ya ƙara masa raɗaɗi. Kitso da jan lalle tsantsa sun isa kwalliyar suna, a yi su a waje, a wanke tas kafin a taɓa yaro.

Shi jaririn kuwa kada a sa masa lalle ko ɗigo, ko a goshi, ko a tafin ƙafa, ko a cibiya, komai kyan lallen. Akwai wani rauni na gado a jini da ake kira ƙarancin G6PD, yana da yawa a Najeriya, ya fi bayyana ga 'ya'ya maza, kuma mafi yawan iyaye ba su san ɗansu na da shi ba. Sinadarin da ke ba lalle launinsa yana iya farfasa jajayen ƙwayoyin jinin irin wannan yaro. Likitoci a ƙasashen Larabawa da Turkiyya sun rubuta rahoton jariran da hakan ta same su bayan an shafa musu lalle. Alamarsa ita ce ido da jiki su yi ɗorawa irin ta shawara, yaro ya yi fari fat, fitsari ya yi duhu, ya yi laushi ya ƙi kama nono. Wannan na asibiti ne a ranar, ba na shanyawa a rana ko jiƙe-jiƙe ba. Uwar da ta san ita ma tana da wannan rauni ta tambayi likita kafin ta cika kanta da lalle.

Wani abin da ake ɗora wa rini laifinsa ba da hakki ba shi ne zubar gashi bayan haihuwa. Wajen wata biyu zuwa huɗu da sauka, gashin da ciki ya riƙe yakan zube da yawa, musamman a gaban goshi. Yana dawowa da kansa. A wannan tsakanin a sassauta kitso, a kuma ɗaga wa gashin ƙafa daga rini da rilaksa.

Idan abu ya ɓaci

Iri biyu ne, kuma lokaci ne ke bambanta su. Wanda ya zo a lokacin da rini ke kai, zafi da ja a inda ya taɓa, galibi ƙuna ce. A wanke da ruwa mai yawa, yakan lafa. Wanda ya zo bayan kwana ɗaya ko biyu, ƙaiƙayi mai tsanani, ƙuraje masu ruwa a bakin gashi da kunnuwa da wuya, fatar ido ta kumbura, wannan borin jiki ne. A sake wanke kai da sabulu mai sauƙi, a tafi asibiti da kwalin a hannu, a kuma faɗa musu akwai ciki ko goyo. Kada a tsaya kemis a haɗo ƙwayoyi, kada a shafa toka, man birki ko man bilicin. Idan kuwa leɓe ko harshe ya kumbura, murya ta shaƙe, numfashi ya yi wuya, a nemi mota ko babur a nufi asibiti mafi kusa nan take, ko da tsakar dare ne.

Garin dayis idan aka haɗiye shi guba ne mai kisa. A Sudan da Maroko likitoci sun daɗe da sanin aikinsa: wuya da harshe su kumbura har su toshe numfashi, fitsari ya koma baƙi, ƙoda ta tsaya. Ƙullin da aka tura ƙarƙashin katifa ko aka bari a kwanon jere, mai rarrafe yana iya kai shi baki. Idan hakan ta faru kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa shi amai, kada a jira alama ta fito. A ɗauke shi da sauran ƙullin a tafi.

Wadda ta fi kowa buƙatar kiyayewa ita ce mai sana'ar kanta. Duk lissafin da ya sa aka ce haɗarin kaɗan ne an yi shi ne a kan mace mai rini sau uku ko huɗu a tsawon cikinta. Mai ƙunshi ko mai gyaran gashi da ke da ciki, a makon salla tana iya wuni tana kwaɓa dayis da hannu tsirara, tana sunkuye a kansa daga safe har dare. Ita safar hannu dole ce gare ta a kowane aiki, sabuwa ba wadda aka juya ba. Ta fito da aikinta tsakar gida ko bakin shago, ta bar wa wata kwaɓin a watanni ukun farko, kada ta ci abinci a wurin, ta riƙa miƙewa tana shan ruwa tsakanin mutum da mutum. Idan hannunta ya fara tsagewa ko ƙaiƙayi tsakanin yatsu, ta ajiye baƙin ta koma jan lalle tsantsa, ta kuma nuna hannun a awonta na gaba.